Gashin gaban goshi yana ja da baya a ƙarƙashin hijabi: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Agege, ina tsaron shago a Idumota. Tun bayan asuba nake saka hijabi, sai bayan isha'i nake cirewa. Kusan shekara guda ke nan gashin gaban goshina yana ƙarewa, gefe da gefe ya fi tafiya, ga ƙaiƙayi da ɗan wari idan na cire hula. Na shafa man zaitun da man kaɗanya har na gaji. Wasu sun ce hijabin ne ke cinye shi. Don Allah me zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da zai sa ki rage hijabinki. Shekara 17 ke nan ina kitso da gyaran gashi a nan Legas, yawancin masu zama a gabana masu hijabi ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda gashinsu ya cika har goshi bayan shekaru ashirin suna rufe kai. Yadin da ke sama ba ya cin gashi. Abin da ke cinsa shi ne ja, wato duk wani abu da ke ɗaure gashin yana fisgar saiwarsa sa'o'i masu yawa a kullum, sai kuma danshin da ke kwana a fatar kai. Waɗannan biyun a ƙarƙashin hijabi suke ɓuya, shi ya sa ake ɗora masa laifi.

Layin da komai ke taruwa a kansa

Yau da dare idan kin dawo, kafin ki watsa ruwa, ki cire hijabi da hula ki tsaya gaban madubi. Za ki ga wani shati a goshinki, kamar an ɗaura zare an kwance. Ki duba inda shatin ya bi. A wurin mata da yawa da na duba, daidai kan bakin gashi yake bi, ya gangara ta saman kunne, wato daidai inda gashin yake ƙarewa.

Gashin wannan wuri ya fi na ko'ina a kai siriri da rashin ƙwari, amma shi aka fi ɗora wa kaya. Mai kitso ta kamo shi ta cusa cikin shuku ko gana wibin don kitson ya fito tsaf. Ke kuma kin tattara jelar kitson kin ɗaure da ribom a ƙeya, wataƙila har da acuci don hijabin ya zauna da kyau, nauyin nan duk baya yake ja. Sai hula mai roba ta hau kan layin, sai bakin hijabin shi ma da tasa robar ya hau kan hular. Kowannensu shi kaɗai ba zai yi ɓarna mai yawa ba. Amma idan suka haɗu a wuri ɗaya, daga ƙarfe shida na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, saiwar gashi takan gaji. Da farko tana fitar da gashi siriri gajere, daga baya ta daina fitarwa.

Akwai alamun da ke nuna ja ne matsalar. Idan ranar kitso sai kin sha fanadol kafin ki iya barci, ko ba ki iya ɗaga gira ko yin sujada ba tare da kin ji fatar goshi tana tsikari ba, kitson ya yi tsauri. Idan bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje suka feso a gindin kitso ta gaba ko ta ƙeya, saiwar ce ke kuka. Haka nan idan kina jin wani sauƙi a kai da zarar kin kwance ribom da dare. Akwai kuma wata alama da likitocin fata suke dubawa: sau da yawa akan bar wani siririn layi na ƙananan gashi a can bakin goshi, sai filin da ya zube ya kasance a bayansa. Waɗancan ƙananan sun tsira ne don sun yi gajarta, hannun mai kitso bai iya kama su ba. Idan kin ga haka a kanki, kusan babu shakka ja ne.

Ki kuma duba cikin hularki. Gashin da ya maƙale a ciki iri biyu ne. Wanda yake dogo da ɗan farin kai a ƙarshensa daga saiwa ya fito, kuma zubar irin wannan guda 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kowa yana yi. Shi ya sa ranar tsifa za ki ga dunƙule guda, na makonni ne ya taru. Amma gutsi-gutsi gajeru marasa farin kai, wannan karyewa ce, kuma gogayya da yadi da bushewar gashi ke kawo ta. Mai karyewa saiwarta lafiya lau, gyaranta ya fi sauƙi.

Zufar Legas da maganar mai

Yawancinmu gyaran gashin da muka koya a wurin iyayenmu na Arewa ne. A Kano ko Sakkwato iska busasshiya ce watanni da yawa, idan hunturu ya shigo fata har tsagewa take yi, don haka man shanu da man kaɗanya a fatar kai suna da dalilinsu. Legas ba haka take ba. Muna bakin teku, iskar a jiƙe take kusan duk shekara, damina tana ɗaukar daga wajen Afrilu har Oktoba, hunturun kuma ɗan leƙowa yake yi a Disamba da Janairu ya wuce. Zufar da za ta bushe cikin minti goma a Kano, a nan sai ta wuni a ƙarƙashin hula. Ki ƙara da zaman danfo a gosulon Oshodi, mutum huɗu a kujera, ga cunkoson Idumota da rana tsaka.

A fatar kan kowane mutum akwai wata 'yar ƙwayar halitta mai kama da yis, ba a ganinta da ido. Abincinta maiƙo ne, kuma tana son ɗumi da danshi. Idan ta yi yawa sai fata ta fara ƙaiƙayi, tana ɓarewa, amosani ya fito, wani lokaci mai maiƙo-maiƙo rawaya. Warin da kike ji kuma zufa ce da maiƙo da suka kwana, ƙwayoyin cuta suka yi aiki a kansu. To kin ga inda man zaitun ya shigo: kina shafa shi don maganin ƙaiƙayi, shi kuwa yana cikin man da wannan ƙwayar take ci. Ƙaiƙayin ya ƙaru, ki sosa ta saman hijabi da farce ko bakin biro, gashin gaba da dama ya raunana ya ƙara karyewa. Ina jin takaicin wannan sosai, don mata suna kashe kuɗinsu a kan mai da niyyar gyara, alhali shi ke ƙara rura wutar.

Ba cewa na yi ki zubar da man kaɗanyarki ba. Mai na jikin gashi ne, daga tsakiya zuwa jela, ba na fatar kai ba. Ki ɗan fesa ruwa a jikin kitson, ki murza kaɗanya kamar girman ƙwayar gyaɗa a tafin hannu har ta narke, ki bi jelar da ita, sau biyu a mako ya isa. Tsagar kitso kuwa ki bar ta haka nan.

Wanki sau ɗaya a mako shi ne daidai ga mai irin zirga-zirgarki, ko da kitso a kanki. Wata guda ba a wanke kai ba a garin nan ya yi yawa. Tunda akwai ƙaiƙayi, ki nemi shamfu mai ketokonazol na kashi 2 cikin ɗari a kemis mai rajista. Ki shafa shi a fatar kai, tsaga bayan tsaga, da tafin yatsa ba da farce ba, ki bar shi minti 3 zuwa 5 kafin ki ɗauraye. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba, shafawa suke yi su wanke nan take. Sau biyu a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, daga nan sau ɗaya a mako ko a mako biyu don kada ya dawo. Yana busar da gashi, saboda haka ki bi jikin gashin da kwandishina. Idan sabulun salo kika saba da shi, ki narkar da ɗan kaɗan a ruwa ki yi amfani da ruwan, kada ki goga dunƙulen a kai, yana da kaifi. Karkashi kuma yana da kyau wajen sa gashi santsi ranar tsifa, sai dai a ɗauraye shi sosai.

Abin da ya fi wankin muhimmanci shi ne bushewa. Kada hula ta hau kan jiƙaƙƙen kai. Gashi idan ya jiƙe yana miƙewa ya yi rauni, idan kika ɗaure shi tam a haka, yana bushewa yana tsukewa, jan ya ƙaru. Ga shi cikin kitso mai kauri yakan kwana bai bushe ba a damina. Ki mayar da wankin kai ranar da ba ki fita, da safe, ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi maimakon murza tawul, ki zauna gaban fanka, ko ki yi amfani da diraya a kan iska mai ɗumi kaɗan idan akwai wuta. Na san mai aure ba kullum take zaɓar lokacin wanka ba. Idan wanka ya kama ki da asuba kuma fita ta zama dole, ki matse kan sosai, ki ba shi ko minti goma a gaban fanka, ki bar jelar a sake ba ɗauri, ki tafi da busasshiyar hula ta biyu a jaka. Wannan ma wani dalili ne na yin kitso mai sauƙi marar ƙari: ruwa yana ratsa shi, yana kuma saurin bushewa.

Hula da bakin hijabi

Ana yawan cewa a sayi hular satin, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Auduga tana shan zufa, sai dai tana shanye danshin gashi kuma tana goga shi. Satin yana da santsi, gashi yana zamewa a kansa ba ya karyewa, amma yawancin wanda ake sayarwa a Balogun da sauran kasuwanni na roba ne, ba ya shan zufa, ga zafi. Kuma saboda yana zamewa sai mace ta ƙara tamke shi, an gudu ba a tsira ba ke nan. Abin da na ga ya fi dacewa da garin nan shi ne hula ta yadi mai laushi mai shan iska, irin na singileti, a ɗinka mata satin ta ciki a bakin gaba kawai, faɗin yatsa uku zuwa huɗu, daga kunne zuwa kunne. Gaban da ke shan gogayya ya samu santsi, sauran kan kuma yana shan iska. Kowane tela zai iya yi miki. Ki ce masa kada ya sa roba a gaba, ya yi mata igiya a baya, ke za ki ɗaure daidai yadda kike so.

Ma'aunin tsauri mai sauƙi ne. Idan yatsunki biyu ba su shiga tsakanin hula da goshi cikin sauƙi ba, ta matse. Idan shatin da ta bari bai ɓace ba bayan 'yan mintuna, ta matse. Sannan bakin hular ya sauko kan fatar goshi, kamar faɗin yatsa ɗaya ƙasa da inda gashi ya fara, kada ya zauna a kan gashin. Hijabin ma ki duba shi. Da yawa daga na kasuwa wuyansu ƙarami ne, sai an ja da ƙarfi fuska take shiga, duk shiga da fita yana kankare gaban kai. Ki kai wa tela ya buɗe shi kaɗan, ko ya mayar da shi mai igiya.

Hula uku ko huɗu za ki mallaka, ba ɗaya ba. Wadda ta wuni a kanki ba ta komawa gobe sai an wanke ta ta bushe. Idan kin je alwalar azahar a wurin mata, bayan shafar kai ki ɗan tsaya minti biyu ko uku, ki goge bakin gashi da bayan kunne da hankici, ki sa sabuwar hula. Da kin shigo gida kuma, in babu baƙi, ki buɗe kan. Da dare ki ɗaura ɗankwalin satin sako-sako, kullin kuma kada ya riƙa zama wuri ɗaya kullum.

Ranar biki daban ce. Gwaggwaro da ashoke yadi ne mai kaushi, kuma masu ɗaurawa suna ja har sai ido ya ɗage. Na yini ɗaya ba zai kashe saiwa ba, amma ki sa siririn satin a ƙarƙashi, ki kuma kwance da zarar an tashi. A watannin da kike jinyar gaban kanki, gara ɗaurin atamfa mai laushi.

Wata da na yi wa aiki

Akwai wata baiwar Allah mai sayar da kayan yara, shekarunta wajen talatin, da ta zo mini da irin matsalarki. Gefen goshinta na dama da na hagu sun shige ciki kamar faɗin yatsa biyu, ga siririn layin nan na ƙananan gashi a gaba. Da na tambaye ta, ashe tana shafa rilaksa duk bayan mako shida, a ranar kuma ko washegari a yi mata ƙananan gana wibin da ƙarin gashi, ta bar shi har wata biyu. Wannan haɗin shi ne mafi muni da na sani. Rilaksa yana raunana gashi, sai a ɗora masa ja da nauyin ƙari tun bai farfaɗo ba. Na duba wurin a hasken rana, na ga har yanzu akwai ƙananan ramukan gashi da ɗan gashi mai laushi kamar na jariri. Wannan ya nuna mini saiwar tana da rai.

Mun tsefe kitson a hankali, da ruwa da kwandishina, daga jela zuwa gindi. Na ce ta ajiye rilaksa gaba ɗaya na wata shida. Mai son ci gaba da shi ma, bai kamata ta maimaita ƙasa da mako 8 zuwa 12 ba, a kan sabon tsiro kawai, kuma ta bar aƙalla mako biyu kafin kitso. Na yi mata manyan kalaba guda takwas da gashinta kaɗai, na bar gashin bakin goshi ban kama shi ba ko ɗaya. Da farko ba ta so, ta ce kitson bai yi kyau ba, gaban ya yi buzu-buzu. Na ce mata ai hula za ta rufe, kuma wannan buzu-buzun shi muke nema ya girma. Jel ɗin kwantar da gaba da burushin da take murza shi da shi kowace safiya, su ma muka ajiye. Acuci ya fita, jelar kalabar ta riƙa naɗe ta ƙasa-ƙasa a ƙeya da ribom na yadi mai laushi, zagaye ɗaya.

Duk mako biyu take zuwa, mu tsefe, mu wanke, ta bar kan ya huta kwana ɗaya ko biyu, sannan mu sake. Kowane zuwa ina canja inda tsaga take da inda kitson ya fuskanta, yau ya tafi baya, wani zuwan ya gangara gefe, don kada saiwa ɗaya ta riƙa ɗaukar nauyi kullum. Na sa ta ɗauki hoton gefen biyu ranar farko, da kuma farkon kowane wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya, saboda gashi kusan santimita ɗaya yake yi a wata, mai kallon madubi kullum ba za ta ga motsinsa ba. Ƙaiƙayi da ƙuraje sun tafi cikin mako uku. Wata biyu na farko babu wani abin a zo a gani, har ta fara karaya. A wata na huɗu hoton ya nuna gefen hagu ya yi duhu da sabon tsiro. Zuwa wata na takwas hagu ya kusan cikewa. Na dama ya dawo, amma can ƙuryar akwai wuri kamar girman farcen babban yatsa da ya kasance sumul yana ƙyalli, bai fitar da komai ba. Wannan wurin saiwarsa ta riga ta mutu tun kafin ta zo.

Idan kin je wurin mai kitsonki, ki faɗa mata tun kafin ta fara: manya, ba ƙari, a bar gaba. Idan kika ji zafi, ki ce ta kwance ta sassauta a lokacin, kada ki bari sai an gama. Mu masu kitso mun saba jin cewa kitso mai tsauri shi ne mai daɗewa, kuma masu zuwa da kansu suke neman haka don kuɗinsu ya yi auki. Ki yi mata bayani da daɗin rai, yawanci za ta gane. Kitson kada ya wuce mako biyu zuwa uku a kanki a wannan lokacin.

Inda hannuna ya tsaya

Ni mai gyaran gashi ce, akwai abin da sai likitan fata. Tunda naki ya kai shekara, ina so ki duba wurin da kyau a hasken rana. Idan kin ga fatar ta yi sumul tana ƙyalli, babu ramukan gashi, to tabo ya fara shiga, kuma babu man da zai tsirar da gashi a kan tabo, komai tsadarsa da abin da mai talla ya faɗa. Ki je asibiti da wuri don a ceci na kewaye. Haka nan idan akwai ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ko zubar ta yi da'ira kamar kwabo, ko tana farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa, ko gira ma tana zuba. Makero yana kama da amosani a ido, amma maganin sha yake buƙata na makonni, shamfu kaɗai ba ya kashe shi. Asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH duk suna da sashen fata, kuma babban asibitin gwamnati na kusa da ke zai iya ba ki takardar turawa.

Idan gashin yana zuba ko'ina a kai ne ba gaba kaɗai ba, sai a duba jini. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo haka, haka ma zazzaɓi mai tsanani da ya wuce da wata biyu ko uku. Mai jego kuma takan ga zuba mai yawa daga wata na biyu zuwa na huɗu bayan haihuwa, gefen goshi ya fi nunawa, yawanci yana dawowa da kansa kafin yaro ya shekara, in dai ba a ɗora masa kitso mai tsauri ba.

Likita zai iya rubuta miki minoksidil na shafawa, yana taimakon saiwar da ke da sauran rai, amma yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga aikinsa, ba a amfani da shi da ciki, mai shayarwa ma sai da izinin likita, kuma ba ya aiki idan ana ci gaba da ja. Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne man shafawar nan na bututu masu haɗin magani uku da ake saya ba takarda, da haɗin kwalba marar suna da ake tallatawa a waya. Da yawansu akwai sitiroyid a ciki, ƙaiƙayi zai lafa kwana biyu, amma idan aka daɗe ana shafawa fatar goshi takan yi siriri ta canja launi. Tafarnuwa da albasa da ake gogawa a wurin ma na sha ganin sun ƙona fata.

Ki fara da tsefe kitson da ke kanki a ƙarshen makon nan, ki ɗauki hoton farko, ki kai hula da hijabi biyu wurin tela. Idan wata uku suka cika kin cire duk wani ja kuma hoton bai nuna ko ɗan sabon tsiro ba, kada ki ƙara jira, ki nemi likitan fata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa albarka a kasuwa.